Yadda ake rubuta wa malami wasiƙar neman sake haɗa makin jarrabawar tattalin arziki

Da daddare bayan sallar isha'i wani ƙanena ya bugo mini waya, muryarsa na rawa. Ɗan unguwarmu ne can gida, ya zo Saudiyya da tallafin karatu, yana shekara ta biyu a tsangayar tattalin arziki ta wata jami'a. Sakamako ya fito, ya ga 64 a kwas ɗin da ya fi ba ƙarfi, wanda ake koyar da farashi da halayen masu saye da sayarwa, Larabawa na ce masa iƙtisadi juz'i. Ya ce, "Yaya, wallahi duktur ɗin nan ya zalunce ni. Na riga na rubuta masa saƙo, saura in tura." Na ce ya karanto mini. Shafi guda cur, ciki har da labarin mahaifiyarsa da ba ta da lafiya, da dararen da ya raya yana karatu, da ayar da ta hana zalunci. Babu lamba ko ɗaya a ciki sai 64 ɗin. Na ce masa kada ya kuskura ya tura, ya bari mu zauna gobe.

Abin da muka yi a kwanakin da suka biyo baya shi ne zan bi daki-daki, domin ɗalibanmu da yawa a Jidda da Makka da Madina suna rasa haƙƙinsu a nan, wasu don kunya, wasu don zafin kai.

Da farko, ka san abin da kake nema

Buƙatu biyu ne mabambanta da ɗalibai ke cakuɗawa. Ta farko ita ce a sake haɗa makin da malami ya riga ya bayar da hannunsa, saboda jimlar ba ta yi daidai ba. Ta biyu ita ce a sake duba amsoshin, a sake auna darajarsu, wadda a nan ake kira i'adatut tas-hihi. Ta farko lissafi ce tsagwaronta, minti biyu ya ishi malami ya tabbatar, kuma ba ta taɓa mutuncinsa, don ba wanda ya fi ƙarfin tuntuɓe wajen haɗa lambobi bayan ya duba takardu ɗari da wani abu. Ta biyu kuwa tana nufin ba ka yarda da hukuncinsa ba, hanyarta ta hukuma ce, da fom da shugaban sashe da kwamiti. Wasiƙar da muke magana a kai ta buƙata ta farko ce kawai. Da zarar ka saka jimla ɗaya ta buƙata ta biyu a cikinta, malamin zai karanta ta duka a matsayin ƙorafi, ya ce ka bi hanyar hukuma, ka rasa sauƙin da kake da shi.

Mataki na ɗaya: yi ragi kafin ka yi magana

Makin da ka gani a shafin sakamako haɗin abu biyu ne: makin ayyukan zango, wanda ake ce wa a'amalus sana, da makin jarrabawar ƙarshe. Yadda aka raba su yana rubuce a takardar tsarin kwas da malami ya bayar a makon farko, kuma galibi tana nan a Blackboard, shafin intanet da malamai ke sa kayan karatu. A kwas ɗin ƙanena, ayyukan zango 40 ne, jarrabawar ƙarshe 60. An sanar da su makin ayyukan zango tun kafin jarrabawa, nasa 31. To 64 a cire 31, saura 33. Wato an rubuta masa 33 cikin 60 a jarrabawar ƙarshe.

Wannan ragin shi ke nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Sau da yawa ɓarakar ba a takardar ƙarshe take ba. Wani gajeren gwaji ne ba a shigar ba, ko aikin gida da ka miƙa a makare aka bar gurbinsa ba komai. Idan haka ne, takardar jarrabawa ba ta da laifi, kuma neman a buɗe ta ɓata lokaci ne.

Daga nan sai ka zauna da takardar tambayoyi, in an bar ku kun fita da ita, ko ka tuno su iya ƙoƙarinka, ka ba kanka maki da rowa. Inda kake shakka, ba kanka rabi. Ƙanena ya yi haka ya sami tsakanin 42 da 46. Tazarar kusan goma tsakanin 33 da wannan ƙiyasin ita ta sa na fara zargin haɗi. Kuskuren haɗi yana da kamanni: yakan zo da goma cif, ko da adadin makin tambaya guda da aka tsallake, ko da lambobi biyu da suka yi musayar wuri, kamar 34 a madadin 43. In tazarar maki biyu ce ko uku, mafi yawan lokuta kai ne ka yi wa kanka alheri wajen ƙiyasi.

Ka kuma lissafa abin da gyaran zai sauya, don ka san ko ya cancanci wahalar. A ma'aunin da jami'o'in Saudiyya suka saba amfani da shi na maki 5, daga 60 zuwa ƙasa da 65 darajarsa 2.0 ce, daga 65 zuwa ƙasa da 70 kuma 2.5, daga 70 zuwa ƙasa da 75 sai 3.0, daga 75 zuwa ƙasa da 80 sai 3.5, ƙasa da 60 faɗuwa ce. Kwas ɗin na sa'o'i 3 ne, kuma da sa'o'in ake ninka darajar. Da 64 ya tashi da maki 6, da 74 zai tashi da 9. A zangon da ya ɗauki sa'o'i 15, wannan bambancin na 3 yana ɗaga matsakaicin makinsa na zango, wato mu'addal, da 0.2. Ga ɗalibin da ke kan tallafi, wanda ya san ana ba da gargaɗi idan mu'addal na gaba ɗaya ya sauka ƙasa da 2.0, wannan ba abin wasa ba ne. Amma da a ce gyaran daga 71 ne zuwa 73, darajar ba za ta motsa ba ko kaɗan, sai ka auna ko kana son kashe kunyarka a kan abin da ba zai bayyana a takardar shaidarka ba.

Mataki na biyu: nemi wa'adi a ranar da sakamako ya fito

Kowace jami'a tana da ƙa'idojinta na karatu da jarrabawa, kuma a ciki an yanke wa'adin da ɗalibi zai iya neman a sake duba takardarsa. Kwanakin ba ɗaya ba ne daga jami'a zuwa jami'a, don haka ka buɗe na jami'arku a ranar, ka rubuta ranar da wa'adin zai cika a inda za ka riƙa gani. Wasiƙar da za ka aika wa malami ba ta tsayar da wannan agogon. Na san ɗalibai da suka zauna jiran amsar malami cikin ladabi, har wa'adin hukuma ya wuce su. Ka tuna kuma ranakun aiki a nan Lahadi ne zuwa Alhamis, kuma da an gama shigar da sakamako malamai kan fara watsewa hutu, musamman a ƙarshen shekarar karatu, lokacin da baƙin malamai ke komawa ƙasashensu.

Mataki na uku: ka ga takardar da idonka, in da hali

Takardar gwajin tsakiyar zango galibi ana nuna wa ɗalibai. Ta jarrabawar ƙarshe kuwa ba a mayar da ita, tana ajiye a sashe. Wasu malamai suna bari ka duba ta a gabansu a sa'o'in ofis, wasu sai da izinin shugaban sashe. Ka nema da gajeren saƙo na layi biyu, ka ce kana so ka ga takardarka don ka fahimci inda ka rasa maki. Ƙanena ya yi sa'a, malamin ya ware safiya guda ga duk mai son gani.

In ka shiga, ka je da farar takarda da fensir naka. Kada ka yi ko ɗigo a takardar jarrabawa, kada ka ɗauki hotonta sai ka nemi izini. Duk wani rubutu da ya bayyana a kanta bayan an duba, kai za a tuhuma, kuma maganar za ta tashi daga kuskuren haɗi ta koma maganar maguɗi. Abin da za ka kwafa uku ne: makin da ke gefen kowane ɓangare na tambaya a cikin shafuka, makin da aka ɗauko aka rubuta wa kowace tambaya a jadawalin bango, da jimlar da ke ƙasan jadawalin. Kuskure na iya faruwa a kowace gaɓa tsakanin waɗannan ukun, da kuma wata gaɓar, tsakanin bangon takarda da kwamfuta.

A nan akwai tarkon da ya fi kama 'yan'uwanmu da suka zo daga Najeriya da Nijar, waɗanda suka saba da lambobin boko. Malamai da yawa suna ba da maki da lambobin Larabci, kuma da saurin hannu. Biyar ɗinsu zagayayya ce kamar sifilinmu. Sifilinsu ɗigo ne kawai, wanda ido kan tsallake, sai 10 ta zama 1. Shidansu tana kama da bakwai ɗinmu. Biyu da uku a rubutun gaggawa haƙori ɗaya ne ya raba su. Ɗalibi ya taɓa zuwa mini yana huci wai an ba shi sifili a tambayar da ya amsa daidai, ashe biyar ce cikin biyar. 'Ya'yanmu haifaffun Makka da Jidda ba su da wannan matsalar, don da waɗannan lambobin suka tashi. In kana shakkar wata lamba, tambayi malamin a wurin, "Duktur, wannan biyu ce ko uku?" Ba abin kunya ba ne.

Ga abin da ƙanena ya kwafo. Tambaya ta ɗaya, ta zaɓi, 14 cikin 20. Ta biyu mai ɓangare uku, 5 da 4 da 3, wato 12 cikin 15. Ta uku 11 cikin 15. Ta huɗu 6 cikin 10. Jadawalin bango ya ɗauko dukkansu daidai, amma a ƙasa an rubuta 33. Haɗa da kanka: 4 da 2 da 1 da 6 sun ba da 13, ka ajiye 3 ka riƙe 1. Gomomin uku ne, da wanda ka riƙe huɗu. Jimla 43. Malamin ya manta da ɗayan da ya riƙe, shi ke nan. Ƙanena bai lura a ofis ba saboda ɗalibai sun cika ƙofa kuma gabansa na faɗuwa. Sai da ya dawo masauki ya haɗa a natse. Da ya gani a wurin, da nuni da yatsa ya wadatar, ko da yake ko a haka ina ba da shawarar a bi da rubutu, don maganar baka ba ta da shaida.

Abubuwan da ke kama da kuskuren haɗi amma ba shi ba ne

A nan zan ɗan daɗe, don takardar tattalin arziki tana da nata halin. Ana ba da maki a kan matakai, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba, kuma ɗalibi kan ga alamar daidai a gefen amsarsa ya ɗauka cikakken maki ne. Tambaya ta biyu a takardar ƙanena ta ba da lissafin buƙata da na samarwa, inda Qd ke nufin adadin da ake buƙata, Qs adadin da ake samarwa, P kuma farashi, kamar haka:

```
Qd = 100 - 2P
Qs = 10 + P
```

An ce a nemo farashi da adadin da kasuwa ke daidaita a kansu. Ya daidaita su ya sami farashi 30, adadi 40, ya ci 5 cikin 5. A ɓangare na biyu an ce a zana, ya zana layukan daidai amma bai rubuta sunan ɗaya daga cikin ginshiƙan zanen ba, aka cire 1. A na uku an ce a lissafa yadda buƙata ke amsa sauyin farashi a wannan wurin, abin da ake kira muruna, sannan a yi bayani:

```
Ed = -2 × (30/40) = -1.5
```

Ya rubuta 1.5 ba tare da alamar ragi ba, bai kuma ce komai ba game da ma'anarta, wato cewa idan farashi ya ƙaru da kashi 1 cikin ɗari, abin da ake saye zai ragu da kusan kashi 1.5, don haka ƙarin farashi a nan zai rage kuɗin da mai sayarwa ke samu. Aka ba shi 3 cikin 5. Shi a ganinsa an danne masa, don akwai littattafan da ke rubuta muruna ba tare da alamar ragi ba. Wannan gaskiya ne. Amma ba kuskuren haɗi ba ne, hukuncin malami ne, kuma bayanin da aka nema bai bayar ba.

Jarabar ta zo ne daga nan: 31 da 43 sun ba da 74, maki ɗaya tak ya rage ya kai 75 ya haura daraja ta gaba. Ya ce, "Yaya, tunda za a buɗe takardar, me zai hana in roƙi ɗayan nan?" Na ce masa kwaɗayi mabuɗin wahala. Goma ɗin haƙƙinsa ne da ba mai musu, ɗayan kuwa roƙo ne. In ya haɗa su a wasiƙa guda, roƙon zai shafa wa haƙƙin ƙura.

Sauran abubuwan da za ka tantance kafin ka ce an yi kuskure: idan an duba takardar a kan 100 sannan aka mayar da ita kan 60, to 72 za ta koma kusan 43, ba a ci maka komai ba. Idan an ce a amsa tambaya uku cikin huɗu ka amsa duka, ɗaya ba za ta shiga jimla ba ko da an ba ta maki. Akwai kuma abu ɗaya da ke tsakani, wanda ya halatta ka saka a wasiƙar: shafin da ba a duba ba sam, babu alamar jan biro ko ɗaya a kansa. Wannan yakan faru da zane, idan ɗalibi ya yi shi a bayan shafi ko a ƙarshen littafin amsa bai rubuta lambar tambayar a kai ba.

Mataki na huɗu: rubuta wasiƙar

Ka aika daga imel ɗinka na jami'a zuwa na malamin na jami'a. Kada ka bi ta lambar wayarsa ko da kana da ita, kada kuma ka rubuta a zauren ajinku inda kowa ke gani. Harshen wasiƙar shi ne harshen da ake koyar da kwas ɗin, Larabci ko Turanci. Zan kawo ta da Hausa don a ga ƙashin bayanta, kowa ya mayar da ita harshen da ya dace. A layin take ka sa lambar kwas, lambar rukuninku wadda ake ce wa shu'uba, da lambarka ta jami'a, don malami na iya koyar da kwas ɗaya ga rukuni uku kuma da lamba yake nemo takarda, ba da suna ba. A Larabci ana buɗewa da sa'adatud duktur sannan sunansa, in kuma farfesa ne a ce sa'adatul ustazid duktur. Kada ka rage masa muƙami, ana lura da wannan a nan.

Ga abin da muka rubuta:

"Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Mai girma Duktur, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya.

Sunana wane, lambata ta jami'a kaza, ina rukuni kaza na kwas kaza a wannan zangon. Na gode da damar da ka ba mu ta ganin takardunmu na jarrabawar ƙarshe ranar Talata.

Makin da na gani a jadawalin bangon takardata su ne: tambaya ta ɗaya 14, ta biyu 12, ta uku 11, ta huɗu 6. Da na haɗa su na sami 43, amma jimlar da ke rubuce a ƙasa 33 ce. Makina na ayyukan zango 31 ne, kuma sakamakon da ya fito 64 ne, wanda ya yi daidai da 31 da 33. Idan 43 ce daidai, sakamakon zai zama 74.

Ina roƙon ka sake duba haɗin jimlar idan ka sami sarari. Ba sake duba amsoshin nake nema ba, na gamsu da makin kowace tambaya. Mai yiwuwa ni ne na karanta wata lamba ba daidai ba, in haka ne ina neman afuwa. Idan akwai fom da ya kamata in cike ko ofishin da zan je, zan yi farin ciki ka sanar da ni, domin wa'adin neman gyara zai cika ranar kaza.

Allah ya saka da alheri. Ɗalibinka, wane."

Ka lura da yadda aka gina ta. Lambobin suna jere yadda malamin zai iya haɗa su da ido tun kafin ya tashi neman takardar. Ba a ce "ka yi kuskure" ba, an ce "na haɗa na sami kaza, abin da ke rubuce kaza ne", lambobin suka faɗi sauran. Jimlar da ke cewa ba sake duba amsoshi ake nema ba ita ce ta fi kowace aiki, don tana sauke wa malamin fargabar doguwar jayayya. Barin ƙofar cewa kai ma kana iya kuskure ba fadanci ba ne, mun ga yadda lambobin ke ruɗi. Ambaton wa'adi kuma yana sa ya gane akwai gaggawa ba tare da ka matsa masa ba.

Abin da muka cire daga rubutunsa na farko ya fi abin da muka bari yawa. Mun cire rashin lafiyar mahaifiya da batun tallafi, don jimla ba ta sauyawa saboda tausayi, kuma irin wannan ne malamai ke samu da yawa a makon sakamako daga masu roƙon ƙari. Mun cire maganar cewa abokinsa da suka yi karatu tare ya sami 80, wadda ba ta tabbatar da komai, ƙila ma ta ja hankali ga kamannin takardunsu. Mun cire ayar, don jawo aya a kan zalunci ga mutumin da ya manta ɗaya a lissafi zargi ne mai nauyi. Ba mu kuma saka shugaban sashe ko shugaban tsangaya a kwafin saƙon farko ba. Wanda ka kai ƙararsa tun kafin ka gaishe shi ba zai yi maka sauri ba.

Idan da ka haɗa ka tarar da kuskure biyu, ɗaya ya rage maka ɗaya ya ƙara maka, ka rubuta duka biyun. Malamin zai gani da ya buɗe takardar, kuma gara ya ji daga bakinka.

In ba a ba ka damar ganin takardar ba, sakin layi na uku ne zai fi sauyawa, sai kuma ka cire duk inda aka ambaci ganin takardar. Sai ka ce: makina na ayyukan zango 31 ne, sakamako 64, wanda ke nufin 33 cikin 60 a jarrabawar ƙarshe, na amsa tambayoyi huɗu duka, zanen tambaya ta biyu yana bayan shafi, ina roƙon a tabbatar an haɗa makin dukkan tambayoyin kuma an shigar da jimlar daidai. Wannan ta fi rauni, don zato ce, saboda haka ka ƙara taƙaita ta. Ga 'yan'uwanmu mata da malami namiji ke koyar da su daga nesa ta na'ura, sau da yawa wannan ce hanyar da ta rage, sai a haɗa da tuntuɓar ofishin sashe a ɓangaren ɗalibai mata, su ne za su faɗi yadda ake neman ganin takarda.

Mataki na biyar: bayan ka tura

Ba shi kwanakin aiki biyu ko uku. In shiru, ka amsa a kan wannan saƙon dai, kada ka buɗe sabo, da layi biyu na tunatarwa, ko ka je ofis da kwafin wasiƙar a hannu. In wa'adi ya kusa kuma har yanzu shiru, ka je wurin sakataren sashe ka cike buƙatar hukuma, ka rubuta a ciki ƙarara cewa haɗin jimla kake nema, ka karɓi shaidar miƙawa mai kwanan wata. Ka sanar da malamin ka yi hakan saboda wa'adi, don kada ya ji daga sama. Ka kuma karanta sharuɗɗan sosai, domin a wasu jami'o'in ɗalibin da ya taɓa neman sake duba takarda aka tarar ba shi da gaskiya ana ƙuntata masa neman wani a gaba. Wannan ma dalili ne na kada ka shiga hanyar hukuma da zato kawai.

Ka sani kuma, ko malami ya yarda, ba zai iya buɗe kwamfuta ya sauya makin da aka riga aka tabbatar ba. Sai ya cike fom na gyaran sakamako, ya bi ta shugaban sashe da tsangaya, kafin ya isa ofishin karɓar ɗalibai da rijista, inda ake sauyawa a kundin. Wannan kan ɗauki lokaci, kuma takarda na iya kwana a kan tebur. Don haka in ya ce maka ya gani, ka yi godiya, sannan ka tambaya cikin ladabi ko an tura fom ɗin. Wanda gyaran zai fitar da shi daga faɗuwa, misali daga 55 zuwa 65, shi ya fi kowa buƙatar bibiya, don kafin a gyara na'urar rijista ba za ta bar shi ya ɗauki kwas ɗin da ke biye ba, sai ya sanar da malamin da ke ba shi shawarar karatu tun kafin a rufe rijista.

Malamin ƙanena ya amsa washegari da layi ɗaya, ya ce ya duba, 43 ce, zai tura gyara. Bayan kusan mako uku 74 ta bayyana a shafinsa. Na sa shi ya sake lissafa mu'addal ɗinsa na zango da hannu, ya ga ya ƙaru da 0.2 kamar yadda muka ƙiyasta, sannan ya sauke sabon kwafin sakamakon ya ajiye tare da saƙon malamin. Har yau in muka haɗu yakan yi mini ƙorafin ɗayan nan da na hana shi roƙa.